Matakan gaggawa a kundin gidan mai: wanne ke gaba, wanne ke baya

*Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni riƙon wani gidan mai mai famfo shida da rijiyar ajiye mai guda huɗu a bakin babbar hanya. Maigida ya ce in rubuta sashen matakan gaggawa na kundin kariyarmu, bi da bi. Da me zan fara, me kuma zai biyo baya?*

Wa alaikumus salam, Malam Manaja. Layin farko shi ne a tsayar da mai. Kafin ihu, kafin waya, kafin kowa ya taɓa tukunyar kashe gobara, wanda ya fi kusa da jan maɓallin nan na tsayar da famfuna ya danna shi. Daga nan sai fitar da mutane, sai kiran 'yan kwana-kwana, sannan a ƙarshe, idan wutar ƙarama ce, a gwada kashe ta. Yawancin kundayen da ake kawo mini in duba suna juya wannan jeri ne: su fara da bayanin yadda ake riƙe tukunya, maɓallin kuwa sai a mataki na biyar ko na shida.

Dalilin sa maɓallin a gaba lissafi ne kawai. Kan famfo ɗaya na zubo kusan lita 40 a minti guda. Idan ya suɓuce daga hannun yaro yana zuba, rabin minti ya isa lita 20 ta kwanta a ƙasa, kuma a kan siminti mai santsi lita ɗaya tana iya shimfiɗuwa ta rufe murabba'in mita guda. Ka ga ke nan fili ya jiƙe har ƙarƙashin motoci biyu ko uku. Tukunyar hoda mai kilo 9 kuwa, idan ka matsa ta ba sassautawa, cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka ta ƙare. Wanda ke fesa hoda alhali famfo na ci gaba da zuba, tukunyarsa za ta ƙare ta bar shi da wutar da ta fi ta farko girma.

To amma kafin ka rubuta wannan layi, je ka gwada maɓallin da hannunka, da rana, lokacin da ba layi. Abu uku za ka duba. Yana kashe duka famfuna shida ko wasu kawai? Yana kashe injin da ke turo man daga rijiya? Wannan na da muhimmanci idan gidanku irin wanda injin ke nutse cikin rijiya ne yana turo mai da ƙarfi, domin idan mota ta ture famfo, kuma bawul ɗin da ke gindinsa bai rufe kansa ba, man zai yi ta tsartuwa sama har sai an yanke wa injin wuta. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa a ƙasarmu: janareta da sola. Gidan mai da yawa suna da na'urar da ke tayar da janareta da kanta da zarar an ɗauke wuta. Idan yaro ya ruga ya sauke babban makunni daga ɓangaren wutar gari, na'urar za ta ɗauka an ɗauke wuta ne, ta tayar da inji, famfuna su dawo aiki ana tsaka da gobara. Batiran sola ma haka. Ka kira mai gyaran lantarkinku ya nuna maka makunnin da ke bayan duk waɗannan hanyoyi uku, wanda idan an sauke shi babu abin da zai kai wuta ga famfo. Shi za ka shafa wa jan fenti, shi za ka ambata a kundi, har da inda yake: "bangon ofis, hannun dama da ƙofa". Idan maɓallin yana cikin ofishin da ake kullewa bayan isha'i, to da dare ba ku da maɓalli. A fito da shi waje.

Yadda za ka rubuta matakan ma akwai ƙa'ida. Kowane layi aiki ɗaya, ya fara da wanda zai yi shi. Kada ka rubuta "a sanar da hukuma", domin aikin da aka ce "a yi" kowa zai bar wa ɗan'uwansa. Kada kuma ka sa sunan mutum, don ranar da abin zai faru mai sunan yana hutu ko ya bar aiki. Muƙami za ka sa: mai famfo na ɗaya, mai karɓar kuɗi, mai gadi, shugaban aikin wannan lokaci. Sai ka duba aikin dare, lokacin da mutum biyu ko uku kaɗai suka rage, ka tabbatar matakan suna yiwuwa da wannan adadi. Ga yadda shafin gobara a bakin famfo zai iya kasancewa:

1. Wanda ya fara gani: danna jan maɓalli, ka ɗaga murya ka ce "Wuta!"
2. Mai famfon da abin ya shafa: bar kan famfo a cikin tankin motar, ka ja da baya.
3. Sauran masu famfo: ku fitar da mutane daga motoci, da ƙafa, zuwa wurin taruwa.
4. Mai gadi: tare ƙofar shiga, ka buɗe ta fita gaba ɗaya.
5. Mai karɓar kuɗi: kira hukumar kashe gobara daga wurin taruwa.
6. Mutum biyu da aka horar: ku ɗauki tukunyar hoda, iska na bayanku. Idan tukunya biyu sun ƙare wuta ba ta mutu ba, ku bar ta.
7. Shugaban aiki: ƙirga ma'aikata, ka tsaya bakin titi ka tarbi motar kwana-kwana.

A zahiri, na uku da na huɗu da na biyar tare suke tafiya, tunda mutane daban-daban ne ke yin su. Lambobin suna nuna wanda za a fifita ne idan hannu ya yi kaɗan.

Layi na biyu shi ne wanda yara ke gardama a kai duk lokacin da nake horarwa, domin jiki ba ya yarda da shi. Wuta ta tashi a bakin tankin mota, abin da hannu zai yi shi ne fizge kan famfo. Idan ka fizge, man da ke fita ya zama bulalar wuta, ya watsu a jikin mota, a ƙasa, a rigarka. Idan ka bar shi a ciki, wutar tana nan a bakin tanki kawai, tana cin tururin da ke fitowa. Cikin tankin kansa tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, wuta ba ta samun shiga da sauƙi. Fetur yana kamawa ne idan tururinsa a cikin iska ya kai tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari, ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka ya yi yawa. Irin wannan wuta ta bakin tanki, feshi ɗaya mai kyau na hoda yana kashe ta. Ta fi yawa da hunturu, lokacin da iska ta bushe, mutum ya goga jiki da kujerar mota ya fito ya taɓa ƙarfe, ɗan tartsatsin nan da ke cizon yatsa ya tashi. Ga 'yan acaɓa kuma abin ya fi muni, don tankin yana saman inji mai zafi, mai babur kuma yana zaune a kai. Ka sa a dokokin yau da kullum cewa sai ya kashe ya sauka.

A layi na shida ka rubuta yadda ake fesawa a taƙaice: zare fil, tsaya kamar taku huɗu daga wutar, auna gindinta ba harshenta ba, matsa, ka riƙa sharowa dama da hagu kana matsawa gaba. Mutum na biyu yana bayansa da tukunya cike, kuma hanyar gudu tana bayansu duka. Ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a watsa wa wutar fetur ruwa. Fetur ya fi ruwa sauƙi, hawa kansa yake yi, ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai inda bai kai ba. Tukunyar iskar nan mai baƙin baki mai faɗi ta allon lantarki ce da ofis, a fili iska na kwashe ta. Idan wutar a cikin injin mota take, kada a ɗaga bonet gaba ɗaya, a ɗan sassauta shi a fesa ta kafar.

Yanzu ga shafin da na fi so ka ba lokaci, wato malalar mai lokacin da tanka ke saukewa. Shi ne lokacin da ya fi kowanne haɗari a rayuwar gidan mai, kuma babu wuta a cikinsa tukuna, shi ya sa mutane ke raina shi.

Mu ɗauki misali. Rijiyarku ta fetur tana cin lita 45,000. An sa sandar awo da safe an ga 14,000 a ciki. Tanka ta iso da lita 33,000 a ɗaki uku, kowanne 11,000. Ko da za a cika rijiyar har baki, abin da za ta ƙara ɗauka 31,000 ne, ga shi kuma ba a cika ta har baki, ana barin sarari. Idan kun tsayar da iyaka a kashi 95 cikin ɗari, wato 42,750, to gurbin da ke akwai 28,750 ne. Ɗaki biyu za su shiga lafiya, na uku ba zai shiga ba. Sai a ce an yi awon da safe, an ɗauka cinikin rana ya rage man, ba a sake awo ba, aka buɗe ɗaki na uku. Lita 2,000 ba ta da wurin zuwa. Alamar farko, ƙarar zubar mai a cikin mesa za ta canza, mesar ta yi tauri ta daina motsi. Daga nan mai ya fara ɓulɓulowa ta bakin awo idan an bar shi a buɗe, ko ta mahaɗar mesa, wani lokaci ma ta bututun numfashin rijiya. Mesar tanka na zubo ɗaruruwan litoci a minti, saboda haka daƙiƙa goma ta jinkiri ta isa ta jiƙa fili.

Mataki na farko a nan ma tsayar da mai ne, sai dai maɓallinku ba ya tsayar da tanka, don nauyin man ne ke gangaro da shi. Direba ne zai rufe bawul ɗin motarsa. Shi ya sa kundin zai ce direba da ma'aikacinku ɗaya ba sa barin gindin tanka daga buɗe bawul har rufe shi, ba zuwa sallah, ba zuwa shan shayi, sai an rufe. Na biyu, a danna jan maɓalli, ciniki ya tsaya, a kashe janareta. Na uku, kada a cire mesa. Mesa mai faɗin inci huɗu da tsawon mita biyar tana riƙe da kusan lita 40, kuma rijiya ta cika, babu inda za ta juye. Wanda ya kwance ta a ƙafafunsa zai zubar. A bar ta a haɗe har sai an share fili an samar wa man gurbi.

Na huɗu shi ne wanda ke buƙatar mai gadi mai tsayayyar zuciya: babu injin da za a tayar. Direban tanka zai so ya ja motarsa ya gudu da ita, masu motocin da ke layi za su so su yi ki su fice. Tartsatsin da ke tashi a sitata lokacin tayar da mota ya isa. Mutane su fita da ƙafa, motar da ta zama dole a matsar a tura ta da hannu. Haka nan kada a kunna ko a kashe wani makunni da ke cikin wurin da man ya malala, don kashewar ma tana tartsatsi. Daga nesa ake yankewa. Waya kuma sai an kai wurin taruwa.

Abin da ya sa ake tsananta haka shi ne halin tururin fetur. Ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi yana bin ƙasa kamar ruwa, ya gangara kwata, ya shiga ramin gyaran mota, ya bi lambatu. Kuma babu sanyin da ke hana shi fita, ko a tsakiyar hunturu. Yana iya tafiya mita da yawa ya tarar da murhun mai shayi ko garwashin mai tsire a bayan katanga, wutar ta biyo shi da gudu ta dawo gindin tanka. Saboda haka mataki na biyar: mutum ɗaya ya zaga maƙwabta ya sa a kashe duk wata wuta. Kafin ranar, ka zaga da kanka ka rubuta su a kundi ɗaya bayan ɗaya, mai shayi ta gabas, mai walda ta kudu, mai faci da injinsa. Man gas na manyan motoci bai kai haka saurin kamawa ba, sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya isa kama wuta, amma kada ka ba shi shafi mai sassauci. Ranar da hankali ya tashi babu mai tsayawa shinshina.

Na shida, a tare man da yashi, kuma a fara da bakin kwata kafin a koma kan tabkin. A yi masa shinge ta gangare. Ba a wanke shi da ruwa zuwa lambatu, wannan tura gobara ne zuwa cikin unguwa. Abin da ya faru a Accra ranar 3 ga Yuni, 2015 ya nuna yadda ruwa ke ɗaukar mai: ambaliya ta kwashi man wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta kama shi a kan ruwa, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu masu fakewa ruwan sama ne. Idan gidanku a kwari yake, ka ƙara gajeren shafi na damina: da ruwa ya fara taruwa a fili, a tsayar da ciniki, a yanke wuta, a tabbatar murafan rijiyoyi a ɗaure suke, kada kuma a bar jama'a su cika ƙarƙashin rumfa. Yashin da aka yi amfani da shi a kwashe da shebur ɗin roba ko wanda ba ya tartsatsi, a zuba a durom ɗin ƙarfe mai murfi, nesa da gini. Ka leƙa bokitan yashinku yau ma. Na sha tarar da su cike da guntun sigari da ledar ruwa, ko yashin ya jiƙe ya daskare.

Akwai layin da kundayen ƙasashen waje ba su da shi, mu kuwa dole ne: hana ɗibar ganima. Da wari ya bazu, masu jarka da bokiti za su taho. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, cikin Janairun 2025, aka sake maimaitawa. A Yamai ma an yi irinsa cikin Mayun 2019 kusa da filin jirgin sama. Mai gadi ɗaya ba zai iya tare taro ba, don haka lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa ta zo nan da nan bayan ta kwana-kwana, kuma a kira su tun kafin mutane su taru. Dokar ta hau kan ma'aikatanku ma, don wani lokaci yaron gida ne ke fara kawo bokiti da sunan ceton dukiyar maigida.

Wurin taruwa guda biyu za ka sa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, wurin da ya dace a Janairu shi ne hayaƙi zai rufe a Agusta. Dokar ita ce a tafi inda iska ke fitowa, kuma ta tudu. Ɗan ƙyalle a kan sanda saman ofis ya isa ya nuna. Don malalar mai, kowa ya ja aƙalla mita 50. Idan kuwa tankar kanta ta kama, ko wuta ta kai ma'ajiyar gas ɗin girki idan kuna sayarwa, babu zancen tukunya ko kaɗan. Nisan da masu kashe gobara ke aiki da shi ga tankar da ke ci ya kai mita 800 ta kowace fuska. Wannan ya wuce gidan manku, ya zama aikin tare titi da tashin maƙwabta.

Kiran waya ma a rubuta abin da za a faɗa, don mai kiran bakinsa na rawa: sunan gidan mai, titi, wata alama da kowa ya sani, abin da ke ci ko ya zube, ko akwai tanka a wurin da yawan man da ke cikinta, ko akwai wanda ya ji rauni. A Najeriya akwai 112, a Nijar 18 ce ta masu kashe gobara, amma ka je ofishin kwana-kwana mafi kusa da ƙafarka ka karɓi lambarsu ta kai tsaye, ka riƙa gwada ta duk wata. Ka tambaye su kuma minti nawa za su ɗauka kafin su iso, domin wannan amsa ce za ta gaya maka ko tukwanen kilo 9 sun ishe ku ko sai kun ƙara babbar nan mai taya ta kilo 50 kusa da wurin sauke mai.

Shafin rauni gajere ne. Wanda rigarsa ta kama, a kayar da shi ƙasa ya yi birgima ko a lulluɓe shi da bargo, kada ya gudu. Ƙuna a sa mata ruwa mai tsabta yana kwarara minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a ɓamɓare tufafin da ya manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba manja, ba gishiri. Wanda fetur ya jiƙa wa kaya ba tare da wuta ba, a jiƙa kayan da ruwa kafin ya tuɓe, nesa da fili. Wanda ya haɗiye fetur wajen zuƙo shi da tiyo, kada a sa shi amai, domin idan man ya sarƙe shi ya shiga huhu ya fi zamansa a ciki illa. Asibiti kai tsaye.

Mataki na ƙarshe a kowane shafi shi ne wanda zai ba da izinin komawa ciniki, kuma mutum ɗaya ne, kai. Matsin lamba a nan yake, layi ya yi tsawo, maigida na bugo waya. Ka rubuta sharuɗɗan tun yanzu, maigida ya sa hannu, don ranar ka samu abin dogara: 'yan kwana-kwana sun ce wuri ya yi lafiya, an kwashe yashi, babu wari a kwata da ramuka, mai gyara ya duba famfon da abin ya shafa, an kawo tukwane cikakku a madadin waɗanda aka fesa. Tukunyar da aka matsa ko sau ɗaya ce ta tashi daga aiki, don iskar da ke tura hodar za ta sulale ko da nauyinta na nan. Sai rahoto ga NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, da NOSDRA, hukumar kula da malalar mai, idan man ya shiga ƙasa ko ruwa.

Idan ka gama, kowane shafi ka buga shi daban da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, a like a ofis da jikin ginshiƙin rumfa. Sannan wata safiya, ba tare da sanarwa ba, ka tsaya a famfo na huɗu ka ce "Wuta!" kana duba agogo. Idan an wuce daƙiƙa goma ba a danna maɓalli ba, ko dai yaran ba su san wurinsa ba, ko ya yi nisa, ko an jingina jarkoki a gabansa. Ka maimaita da masu aikin dare.